Jinin da ba na al'ada ba: abin da ke haddasa shi, da dalilin da ya sa sai an duba

Duk wanda ke sauraron shirye-shiryen fatawa a rediyo ya san wannan tambayar, domin kusan kullum sai an aiko ta: "Malam, na yi wanka na yi tsarki, bayan kwana biyar sai ga jini ya dawo, shin zan yi salla?" Wata kuma ta ce shekararta uku da daina al'ada, sai ga ɗigon jini a zaninta. Malam zai amsa da abin da ke cikin fiƙihu, mai tambaya ta samu natsuwa game da ibadarta, galibi kuma a nan zancen yake tsayawa. Saura tambaya ta biyu wadda ba a cika yi ba: daga ina jinin ya fito, kuma me ya fito da shi?

Tun da Najeriya ta shigar da allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, cikin jerin rigakafin yara a watan Oktoba na 2023, domin 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, maganar sankarar bakin mahaifa ta shiga gidaje. Amma ta shigo da ruɗani. Abubuwa uku ne ake haɗa su wuri guda: rigakafi, wanda ake yi wa yarinya tun ba ta haɗu da ƙwayar cutar ba, gwajin tantancewa, wanda ake yi wa mace mai lafiya da ba ta ga komai ba, da kuma binciken macen da ta riga ta ga alama. Wannan sharhi a kan na ukun yake.

## Ina iyakar al'ada take?

A wurin likitocin mata, al'ada lafiyayya ita ce wadda ke zuwa kowane kwana 24 zuwa 38, ana ƙirgawa daga ranar farko ta wannan zuwa ranar farko ta mai bi mata, kuma ba ta wuce kwana 8 tana zuba. Jinin yana fitowa ne daga shimfiɗar da ke cikin mahaifa, wadda ke kauri kowane wata domin jiran ciki, in cikin bai samu ba ta zube.

Iri uku ne na jini suka fi tayar da hankalin likita. Akwai wanda ke zuwa tsakanin al'ada da al'ada, bayan mace ta yi tsarki sosai. Akwai wanda ke biyo bayan saduwa da miji, ko da ɗan ja ne kawai a jikin ƙyalle. Akwai kuma wanda ke zuwa bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya. Ana cewa al'ada ta ɗauke idan mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, ba don ciki ko shayarwa ko magani ba, kuma yawanci hakan na faruwa ne tsakanin shekara 45 da 55. Daga wannan lokaci, duk jinin da ya fito ba al'ada ba ne. Ɗigo ɗaya ne ko ruwa mai launin wankin nama ko baƙi-baƙi kamar tsatsa, hukuncinsa a asibiti ɗaya ne: sai an duba.

## Istihada: abin da fiƙihu ya amsa da abin da bai amsa ba

A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa ke bi, haila ba ta wuce kwana 15. Macen da ta san kwanakinta takan ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon abin da ta saba, muddin bai haura 15 ɗin ba. Jinin biƙi kuma iyakarsa kwana 60. Abin da ya zarce wannan shi ne istihada, wanda mutane ke kira jinin ciwo ko jinin cuta, kuma mai shi tana salla tana azumi. Asalin wannan hukunci yana cikin hadisin Faɗimatu bint Abi Hubaish, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana mata cewa jinin da take gani na jijiya ne, ba haila ba.

Babu karo tsakanin wannan da maganar asibiti, domin tambayoyin biyu daban suke. Malami yana tantance ko ibada ta hau kan mace, likita kuma yana neman wurin da ke zubar da jinin. Sunan da Bahaushe ya ba shi ma ya nuna hanya, tun da jinin ciwo ya ce, ciwo kuwa magani ake nema masa. Inda ake samun matsala shi ne lokacin da "ki yi wanka ki ci gaba da sallarki" ya zama kamar an ce "lafiyarki ƙalau". Haka nan ma'aunin kwanakin ya bambanta: macen da ke zubar da jini kwana 12 duk wata tana iya zama cikin iyakar haila a fiƙihu, alhali a asibiti ta wuce iyaka, kuma mai yiwuwa jininta ya yi ƙasa har tana haki in ta hau tudu.

## Jini tsakanin al'ada

Abu na farko da ake yi wa duk macen da ke cikin shekarun haihuwa shi ne gwajin ciki, ko da ta rantse ba ta da shi. Dalili kuwa, ɓari yakan zo kamar al'adar da ta yi jinkiri, kuma cikin da ya zauna a wajen mahaifa, cikin bututun da ƙwai ke bi, yakan fara da ɗan ɗigon jini baƙi da ciwo a gefe guda na mara. Idan bututun ya fashe, jinin a cikin ciki yake taruwa, ba a gani a waje, mace tana iya suma cikin 'yan sa'o'i. Jinin da ya ƙi tsayawa makonni bayan ɓari ko haihuwa shi ma ana maimaita gwajin ciki a kansa, saboda ragowar mabiyiya kan maƙale, a wasu lokuta ƙalilan kuma takan rikiɗe ta zama tsiro.

Idan babu ciki, tambaya ta gaba ita ce tazarar haihuwa. Allurar wata uku da ashanar da ake sa wa a dantse sun shahara da kawo ɗige-ɗige, musamman a watannin farko, haka ma ƙwaya idan ana tsallake shanta. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ba dalilin cire ashana a fusace ba ne. Sai dai akwai iyaka: idan jikin ya riga ya daidaita sannan sabon jini ya ɓullo, ko yana zuwa da ciwon mara, ko bayan saduwa, bai kamata a ɗora wa allura laifi ba tare da an leƙa bakin mahaifa ba.

Sauran dalilan sun haɗa da ɗan tsiro mai laushi da ke rataye a cikin mahaifa ko a bakinta, da ƙarin mahaifa wanda ya turo zuwa cikin ramin mahaifar, da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Wasu mata kuma sukan ga ɗan ɗigo na kwana ɗaya a tsakiyar wata, lokacin fitar ƙwai. Macen da ta haura 45 al'adarta takan rikice kafin ta ɗauke, wannan sananne ne, amma rikicewar da ake tsammani ita ce ta riƙa nisa tana raguwa. Idan ƙaruwa take yi, ko tana zuwa kusa da kusa, likitoci sukan so a gwada shimfiɗar mahaifar.

## Jini bayan saduwa

Bakin mahaifa shi ne ƙarshen mahaifa da ya leƙo cikin farji, kuma shi ake taɓawa lokacin saduwa. Lafiyayyensa sumul yake, ba ya jini don an taɓa shi. Idan ya yi jini, akwai abin da ya sa fatarsa ta yi rauni.

Mafi yawan lokaci abin mai sauƙi ne. A wurin matasan mata, da masu ciki, da masu shan ƙwayar tazara, fata mai laushi ta cikin bakin mahaifa takan fito waje, ta zama ja, tana jini da an goge ta. Ƙwayoyin cutar saduwa sukan kumbura wurin. Abubuwan da ake cusawa a gaba da sunan gyaran jiki ko matsi sukan busar da fata ko su ƙona ta. A garuruwan da ke bakin rafi da madatsun ruwa da fadamun noman rani kuma akwai tsargiya. An fi saninta da fitsarin jini a wurin yara maza, amma ƙwayayen tsutsar sukan maƙale a bakin mahaifa da farji, su sa wurin yana jini in an taɓa shi, har a ɗauka cutar saduwa ce ko sankara. Don haka yana da amfani mace ta faɗa wa likita idan a bakin ruwa ta tashi.

Abin da ya sa duk da haka ba a yin sakaci shi ne, jini bayan saduwa yana cikin alamomin farko na sankarar bakin mahaifa. Kusan duk wannan sankara daga ƙwayar HPV take, wadda ake ɗauka ta saduwa kuma yawancin mutane jikinsu yakan kawar da ita da kansa. A wurin wasu takan zauna, ta riƙa sauya fatar wurin a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hakan kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama sankara, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwar jiki, kuma mace mai ɗauke da HIV ta ninka sauran mata sau 6 wajen haɗarin kamuwa. A tsawon waɗannan shekaru babu ciwo, babu alama. Jinin yana fara fitowa ne sa'ad da tsiron ya samu ƙananan jijiyoyi masu saurin fashewa. A ƙididdigar 2020, mata kusan 12,000 ne suka kamu da ita a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Kusancin waɗannan lambobi biyu yana da nasaba da zuwa asibiti a makare.

A nan kalmar "sanyi" take yin ɓarna. Ƙaiƙayi, ruwa mai wari, ciwon mara, jini, duka sanyi ake ce musu, sai a nufi kemis ko mai maganin gargajiya. Idan da gaske ƙwayar cuta ce, maganin da ya dace zai kawar da ita cikin mako ɗaya ko biyu, kuma dole a yi wa mijin magani tare. Idan an sha magani jinin ya dawo, to ba a gano bakin zaren ba, kuma sake sayen wani kwalin ba zai gano shi ba. Ƙwayoyin tsayar da jini da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba su ma haka: suna iya rufe alamar na wasu watanni, tsiron kuwa yana ci gaba da girma. Ruwa mai wari da ba ya yankewa, ciwon baya ko ƙugu, kumburin ƙafa ɗaya, da yoyon fitsari ga macen da ba ta haihu kwanan nan ba, alamomi ne na cutar da ta riga ta yi nisa.

## Bayan al'ada ta ɗauke: misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki mace mai shekara 57, mai jiki, tana shan maganin ciwon suga, al'adarta ta ɗauke shekara 6 da suka wuce. Wata safiya ta ga ɗan ja a zani, kwana biyu ya ɗauke, ba ciwo ba zazzaɓi. Ƙawayenta za su ce tsohon jini ne da ya taru, ko su yi mata dariya cewa ƙuruciya ce ta dawo.

A asibiti, bayan tambayoyi game da lokacin da abin ya fara da magungunan da take sha, ana fara tabbatar da ta inda jinin ya fito, domin basir da ciwon mafitsara sukan rikita mutum. Daga nan sai ta kwanta, a sa ɗan ƙarfe ko roba mai buɗe farji, a haska fitila a ga bango da bakin mahaifa da ido. Minti kaɗan ne, akwai rashin daɗi amma ba a buƙatar allurar barci. Wannan mataki shi ne mafi arha, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A ƙasashen Turai, jini bayan ɗaukewar al'ada yana sa likita ya fara tunanin sankarar cikin mahaifa. A yankinmu sankarar bakin mahaifa ta fi yawa nesa ba kusa ba, kuma hoton da ake ɗauka ta kan ciki yana iya fitowa lafiya lau alhali tsiron na zaune a bakin mahaifa. Takardar sikanin da aka rubuta wa "babu matsala" ba ta maye gurbin dubawa da ido.

A ce an duba, bakin mahaifarta lafiya, sai dai fatar farjin ta yi siriri ta bushe. Wannan shi ne dalili mafi yawa a wannan shekaru: sinadarin mata da ke ciyar da fatar ya ragu, ta zama kamar tsohon yadi mai saurin yagewa. Duk da haka ba a tsayawa nan, domin bushewar fata ba ta hana wani abu kasancewa a can ciki. Sai a yi sikanin ta farji a auna kaurin shimfiɗar mahaifa. Idan bai wuce milimita 4 ba, yiwuwar sankara ƙasa da 1 cikin 100 ne. A ce nata ya nuna milimita 11. Wannan bai ce sankara ba ne, yana iya zama ɗan tsiro mai laushi ko kaurin da bai rikiɗe ba, amma ya wajabta mataki na gaba: a zura siririn bututun roba ta bakin mahaifa a zuƙo ɗan yanki na shimfiɗar, a kai ɗakin gwaji. Ana jin murɗa kamar ta al'ada na ɗan lokaci, kuma mace tana komawa gida a ranar. Gwajin wannan yankin ne kaɗai ke iya cewa sankara ce ko ba ita ba.

Ƙibarta da ciwon sugarta suna da muhimmanci a lissafin. Kitse yana samar da sinadarin da ke sa shimfiɗar mahaifa kauri, kuma bayan ɗaukewar al'ada babu abin da ke zubar da ita duk wata. Rashin haihuwa, da jinkirin ɗaukewar al'ada, da wani maganin sankarar mama da ake sha shekaru, su ma suna ƙara haɗarin.

Lambobi biyu ne ke bayyana dalilin wannan bin diddigi. Cikin mata 10 da suka ga jini bayan ɗaukewar al'ada, kusan 1 ce ake samu da sankarar cikin mahaifa, 9 ba su da ita. Amma cikin mata 10 masu wannan sankara, kusan 9 da jini ta fara nuna musu kanta, sau da yawa tun tana cikin mahaifa ba ta fita ba. A wannan mataki tiyatar cire mahaifa takan wadatar ga da yawa, kuma inda magani ke samuwa kusan 9 cikin 10 suna raye bayan shekara 5. Idan ta bazu, sai an haɗa da gashi, wato ƙona sankarar da hasken na'ura, ko ƙarin ruwan sankara, kuɗin ya ninka, cibiyoyin gashin ba su da yawa, sakamakon kuma ya ragu sosai.

## Inda masana suka bambanta

Likitoci ba su haɗu a kan ko sikanin za a fara yi ko ɗaukar yanki ba. Masu fifita sikanin suna cewa ba shi da ciwo, ya fi samuwa, kuma yana tsare mata da yawa daga gwajin da ba su buƙata. Masu fifita ɗaukar yanki suna nuna cewa ƙarin mahaifa yakan kare hoton har a kasa auna shimfiɗar daidai, kuma akwai nau'in sankara mai tsanani da ke tasowa a shimfiɗa siririya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2021 ya nuna ma'aunin milimita 4 ya fi kuskurewa a wurin mata baƙar fata, saboda waɗannan dalilai biyu sun fi yawa a cikinsu. Inda ɓangarorin suka yi ittifaƙi shi ne, idan jinin ya dawo, a ɗauki yanki komai kyawun sikanin farko.

Akwai kuma saɓani kan jini bayan saduwa da ya faru sau ɗaya ga matashiya. Wasu suna ganin a duba, a gwada cutar saduwa, in komai lafiya a jira a gani. Wasu suna ganin inda mata ƙalilan ne suka taɓa yin gwajin tantancewa, zuwan mace asibiti dama ce da ba lallai ta maimaitu ba, don haka a yi mata duk abin da ake iya yi a ranar. A ƙananan asibitoci wannan yakan zama gwajin ruwan binega: a shafa a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, kuma in ƙarami ne ana iya ƙona shi nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son gwajin ƙwayar HPV kanta, daga shekara 30, ko 25 ga mai HIV. Amma waɗannan gwaje-gwaje an tsara su ne domin macen da ba ta da alama. Wadda ke ganin jini, ko da gwajinta na bara ya fito lafiya, sai an sake dubawa, kuma in an ga tsiro ko gyambo, yanki ake ɗauka kai tsaye.

## Abin da wannan ke nufi a gida

Ba kowane jini ne na gaggawa ba. Wanda ba ya jiran gari ya waye shi ne jinin da ke jiƙa ƙunzugu duk sa'a har sa'a biyu a jere, ko wanda ya zo da jiri ko suma, ko ciwon mara mai tsanani bayan ɓatan wata, ko kowane jini ga mai ciki. Sauran na neman ganin likita ne cikin kwanaki ko mako biyu, ba bayan salla ko bayan girbi ba.

Cikas ɗin da ke tsakanin mace da gadon dubawa sanannu ne: kuɗin mota da na gwaji, izinin maigida, da kunya, musamman ga dattijuwar da za ta faɗa wa ɗanta abin da ke damunta. Jini bayan saduwa kuma yakan jawo zargi tsakanin ma'aurata, alhali ƙwayar HPV tana iya kwanciya shekaru masu yawa a jiki, bayyanarta ba hujjar cin amana ba ce. Mace tana da damar neman ma'aikaciya mace, ko a bar 'yar'uwarta ta tsaya a ɗakin, kuma ungozomomi da nas-nas da yawa sun samu horon duba bakin mahaifa. A gidajenmu sau da yawa 'ya ko suruka mai wanki ce ke fara ganin tabon a zanin tsohuwa, ita ce kuma ta fi kowa damar buɗe zancen.

Mai zuwa asibiti ta tafi da ranakun da ta ga jinin a rubuce, ko da a bayan kalanda ne, da ranar al'adarta ta ƙarshe, da kwalayen duk abin da take sha ko take sakawa, har na gargajiya. Kada ta fasa zuwa don jinin ya tsaya, kada kuma ta fasa don yana zuba a ranar. Idan an rubuta mata magani ba a duba ta ba, tana da haƙƙin tambaya a sarari: "An ga bakin mahaifata?" Idan kuma an ɗauki yanki, ta tambayi ranar da sakamako zai fito da wurin da za ta karɓa, domin takardun gwaji sukan kwana a ɗakin gwaji watanni, masu su suna gida suna zaton shirun yana nufin lafiya.